"Manhaja Ta Ce Ya Tafi": Yadda Rasit Ke Ɓacewa Tsakanin Shago da Akwatin Imel

Ana dab da sallar la'asar wani dattijo da nake girmamawa, mai sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari, ya kira ni a waya ransa a ɓace. Wani abokin cinikinsa na Maraɗi ya ƙi turo cikon kuɗi, ya ce bai ga takardar lissafin kayan da aka loda masa ba. Yaron da ke kula da kwamfutar shagon kuwa ya rantse cewa takarda ta tafi tun ranar Litinin.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan a rubuce," in ji yaron da na isa, yana nuna wa maigidansa allon kwamfuta. A gefen sunan mutumin Maraɗi akwai koriyar alama da kalmar Sent.

"To, Malam," Alhaji ya juyo gare ni, "tsakanin yaron nan da mutumina, wa ke yi mini ƙarya?"

Babu wanda ya yi ƙarya. Takardar ta bar shago, ta kuma isa, sai dai ba a bar ta ta shiga zaure ba. Tana kwance a akwatin Spam, inda Gmail ke jibge saƙonnin da bai yarda da su ba, kuma inda yake share su da kansa bayan kwana 30. Kalmar Sent da manhajar ciniki ke nunawa ba ta nufin komai face cewa ta miƙa saƙon ga na'ura ta gaba. Abin da ya same shi bayan nan, ba ta da labari.

Wanda ya san kasuwa zai gane matsalar nan da nan. A ce baƙon yaro ya zo rumfarka da 'yar takarda, wai Alhaji wane ya ce a ba shi dila biyu. Ba ka taɓa ganin yaron ba, Alhajin bai taɓa gabatar maka da shi ba, takardar kuma babu hatimi. Ko da gaskiya yaron yake faɗi, ba za ka ba shi ba. Manhajar da ke fitar da rasit, da takardar biyan kuɗin makaranta, da saƙon sauya kalmar sirri, ita ce wannan baƙon yaro. An ɗauke ta aiki, an ba ta sunan gida ta riƙa aike da shi, amma an manta a sanar da 'yan kasuwa cewa 'yar gida ce.

Asalin abin tsohon gado ne. Ƙa'idar aika imel da ake kira SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, an tsara ta ne a zamanin da masu amfani da ita 'yan kaɗan ne kuma sun san juna. Ba ta tambayar mai aikawa shaidar ko shi wane ne. Kowa na iya rubuta kowane suna a gurbin mai aikawa, ya zama na banki ko na gwamna. Da 'yan damfara suka gano wannan ƙofa, sai aka yi ta ɗora wa tsohon ginin katanga daga baya. Katangun da suka tsaya uku ne, SPF da DKIM da DMARC, kuma dukkansu ba a cikin manhajar ciniki suke zaune ba. Suna cikin kundin da ake kira DNS, wato rajistar da duniya ke dubawa don sanin bayanan kowane domen, sunan nan da ke zuwa bayan alamar @. Shi ya sa yaron shago ya kwana uku yana laluben saitin manhajarsa bai ga komai ba. A ɗakin da ba a ajiye abu ba yake nema.

Kafin mu shiga cikinsu, akwai abu guda da in mutum bai riƙe shi ba, sauran duk za su rikice masa. Kowane imel yana da sunan mai aikawa guda biyu. Akwai wanda ke rubuce a kan wasiƙar, wanda mai karɓa ke gani, ana kiransa From. Akwai kuma wanda ke bayan ambulan, adireshin da za a mayar da wasiƙa idan ba ta samu shiga ba, ana kiransa Return-Path, kuma ba a nuna wa mai karɓa shi sai ya tona. Babu dokar da ta ce lallai su zama ɗaya. Rigimar shagon Alhaji gaba ɗaya a tsakanin sunayen nan biyu take.

Na ce wa yaron ya aika rasit na gwaji zuwa akwatina na Gmail. Ya faɗa Spam kamar yadda na zata. Na buɗe shi a kwamfuta, domin manhajar Gmail ta waya ba ta da wannan ƙofa, na danna ɗigo ukun da ke gefen saƙon, na zaɓi Show original. A nan Gmail ke baje hukuncin da ya yanke. Na sauya sunan shagon zuwa example.com, na kamfanin da ke ba su hayar sabar kuma zuwa example.net, amma abin da ke ciki a taƙaice shi ne:

```
From: rasit@example.com
Return-Path: <www-data@server.example.net>
spf=pass smtp.mailfrom=server.example.net
dmarc=fail (p=QUARANTINE) header.from=example.com
```

Yaron ya yi tsalle ya nuna layi na uku. "Ga shi, Malam, SPF ya ce pass!"

Haka ne, ya ce pass, amma ga wa? SPF jerin sunaye ne da mai domen ke liƙawa a DNS, yana cewa ga na'urorin da na yarda su aika saƙo da sunana. Mai karɓa yakan ɗauki lambar na'urar da ta kawo saƙo ya duba ko tana cikin jerin. Sai dai jerin da yake dubawa na sunan bayan ambulan ne, ba na sunan da ke kan wasiƙa ba. A wannan saƙon, sunan bayan ambulan na kamfanin haya ne. Saboda haka abin da aka tabbatar shi ne cewa sabar kamfanin haya tana da izinin aike da sunan kamfanin haya. Ba a ce uffan a kan Alhaji ba.

Layin DKIM kuwa bai ma bayyana ba, domin saƙon bai zo da shi ba. DKIM shi ne hatimi. Na'urar da ke aikawa tana riƙe da mabuɗin sirri da take buga wa kowane saƙo tambari na lissafi, mai domen kuma ya ajiye abokin wannan mabuɗi a DNS inda kowa zai iya ɗauka ya gwada. Idan tambari ya yi daidai, an san daga gidan da ya fito, an kuma san ba a taɓa rubutun a hanya ba. Manhajar shagon tana jefa saƙo ne tsirara, babu hatimin kowa.

Sai na ukun, wanda ya yanke hukunci. DMARC tambaya ɗaya yake yi: sunan da mai karɓa zai gani da idonsa, shin shi ne wanda SPF ko DKIM suka tabbatar? Ba sai duka biyun ba, ɗaya ya wadatar, amma dole wanda ya ci jarrabawar ya ci ta da sunan domen ɗin da ke kan wasiƙa. A nan wasiƙa ta ce example.com, ambulan ya ce example.net, hatimi babu. Sai aka ce fail.

Abin dariya, ko abin takaici, shi ne wanda ya ba da umarnin jefa rasit ɗin a Spam. Shagon ne da kansa. DMARC yana ba mai domen dama ya faɗa wa duniya abin da za a yi da saƙon da ya faɗi: p=none na nufin a ƙyale shi a bi ƙa'idar da aka saba, p=quarantine a killace shi, p=reject a ƙi karɓarsa tun daga ƙofa. Wanda ya gina musu shafin intanet shekarun baya ya kwafo wani layi daga wani wuri ya liƙa, mai ɗauke da p=quarantine. Bai yi laifi a niyya ba, domin a lokacin ma'aikatan shago ne kaɗai ke aika imel, ta hanyar Google Workspace, kuma saƙonsu na wucewa lafiya. Da aka kawo manhajar lissafi daga baya, babu wanda ya tuna da wannan layi. Gmail umarnin maigida ya bi.

Na yi wa yaron bayani, na ce zan dawo jibi mu gyara tare. Gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido. A daren ya shiga shafin da ake sarrafa DNS na shagon, ya ga akwai tsohon layin SPF, bai so ya taɓa shi ba don kada ya ɓata, sai ya ƙara sabo a ƙarƙashinsa:

```
v=spf1 include:_spf.google.com ~all
v=spf1 ip4:203.0.113.25 ~all
```

Da safe rasit na nan a Spam kamar jiya, sannan ga sabuwar masifa, wasiƙun da Alhaji ke rubutawa da hannunsa su ma sun bi sahu.

Wannan kuskure ya yawaita har ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙa'idar SPF ta ce domen ɗaya, layi ɗaya. Idan mai karɓa ya tarar da biyu, ba ya haɗa su, ba ya kuma zaɓar wanda ya fi kyau. Yakan ce permerror, ya yi watsi da duka. Sabon layin bai amfani rasit da komai ba, tunda har yanzu sunan bayan ambulan na kamfanin haya ne, babu mai leƙa jerin Alhaji dominsa. Amma ya kashe tsohon layin, wanda a kansa kaɗai wasiƙun ma'aikata ke tsaye. Dalili kuwa, ba a taɓa kunna DKIM na shagon a Google Workspace ba. Idan ba a kunna ba, Google yakan buga hatimin aro mai sunan wani domen nasa da ke ƙarewa da gappssmtp.com, hatimi ne na gaskiya amma ba sunan shago ba ne, don haka DMARC ba ya lissafa shi. Ƙafa ɗaya suke tafiya da ita, yaron ya taka ta.

Da a ce ana son a ci gaba da aikawa daga waccan sabar, yadda ake rubutawa shi ne a zuba komai a layi guda:

```
v=spf1 include:_spf.google.com ip4:203.0.113.25 ~all
```

sannan a saita manhajar ta sa adireshin shago a bayan ambulan. Ko a nan ma akwai iyaka da ake mantawa. Kowane include yana tilasta wa mai karɓa ya koma DNS ya yi wata tambaya, wani ma yana ɗauke da wasu a cikinsa, kuma ƙa'ida ba ta yarda a wuce tambaya 10 ba. Kamfanin da ya tara mai aika rasit, da mai aika talla, da mai kula da ƙorafin jama'a, da tsohon mai masaukin da aka bari shekara biyar ba a goge sunansa ba, yakan wayi gari ya haura goma. Sakamakon permerror ne dai, kamar na layi biyu. Lambar da aka rubuta kai tsaye da ip4 ba ta shiga wannan ƙidaya.

Ni dai ban ba da shawarar wannan hanya ba. Sabar haya mai araha gida ne na haya da ɗaruruwan mutane ke fita ta ƙofa guda, wato lamba guda. In ka sa wannan lamba a jerinka, ka ba maƙwabtan da ba ka sani ba izinin aike da sunanka, in kuma ɗaya daga cikinsu ya ɓata sunan lambar da saƙon banza, kai ma ka kwashi rabonka. Shagon da ke fitar da rasit hamsin ko ɗari a rana, wanda tuni yake biyan Google, ya fi masa sauƙi ya bi da manhajar ta ƙofar da ma'aikata ke bi. Iyakar asusu ɗaya na Google Workspace saƙo 2,000 ne a rana, na Gmail kyauta kuma 500. Wanda ya kusa wannan iyaka, lokaci ya yi da zai nemi kamfanin da aikinsa ke nan, aika saƙonnin manhaja, ya kuma liƙa bayanan DNS da za su ba shi.

Muka goge layi na biyu. Muka shiga shafin gudanarwa na Google Workspace muka fitar da mabuɗin DKIM mai tsawon 2048, muka liƙa shi a DNS ƙarƙashin sunan google._domainkey. A nan akwai wani ɗan tarko. Yawancin shafukan DNS suna ƙara sunan domen da kansu a ƙarshen abin da ka rubuta. Idan ka rubuta cikakken suna, sai ya zama google._domainkey.example.com.example.com, wurin da babu mai zuwa nema. Bayan an liƙa kuma, dole a koma shafin Google a danna Start authentication, in ba haka ba mabuɗi na nan a rataye amma ba a fara buga hatimi ba. Sauyin DNS yakan bayyana cikin mintuna ko 'yan sa'o'i, wani lokaci har sa'a 48. Maimakon zaman zato, ana iya tambaya kai tsaye daga kowace kwamfuta:

```
nslookup -type=TXT example.com
nslookup -type=TXT _dmarc.example.com
```

Ta farko za ta nuna layin SPF, a nan ne za ka ƙirga ko ɗaya ne ko biyu. Ta biyu za ta nuna umarnin DMARC.

Saura manhajar kanta. A shafin saitin imel muka cire ta daga aikawa ta sabar haya, muka sa smtp.gmail.com, da ƙofa mai lamba 587 tare da STARTTLS, da asusun rasit@example.com. Ƙofa 465 ma tana aiki, amma da zaɓin SSL, kuma haɗa lambar wannan da zaɓin wancan yakan sa manhaja ta tsaya tana jira har ta gaji. Ƙofa 25 kuwa a bar ta, kamfanonin haya da yawa sun toshe ta. Yaron ya zuba kalmar sirrin asusun, ya danna gwaji.

Wannan karon babu komai a Inbox, babu komai a Spam. Ga fuska ta biyu ta matsalar ke nan, saƙon da bai taɓa barin gida ba. Bambanta su yana da muhimmanci, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Saƙon da ya faɗa Spam an karɓe shi ne aka wulaƙanta shi, kuma dalili na cikin Show original. Wanda aka kora daga ƙofa yakan dawo da lamba mai farawa da 550, kamar 550 5.7.26 da Gmail ke bayarwa idan mai aikawa ba shi da shaida, sai dai wasiƙar korar tana komawa ne ga adireshin bayan ambulan. A tsohon tsarin shagon, wannan adireshi akwati ne a sabar haya da babu mahalukin da ya taɓa buɗewa. Wanda bai tashi ba sam kuwa, labarinsa na cikin kundin kurakurai na manhajar. Muka buɗe shi muka tarar:

```
535-5.7.8 Username and Password not accepted
```

Kalmar sirrin daidai take. Abin da ya faru shi ne Google ya daina barin manhajoji su shiga asusu da suna da kalmar sirri zalla. Ya rufe wannan ƙofa ga asusun Gmail na gama-gari a ƙarshen Mayun 2022, daga baya ta Google Workspace ta biyo. Manhajar da ke da maɓallin shiga ta Google kai tsaye, ta bi nan. Wadda ba ta da shi, sai a kunna 2-Step Verification a asusun, a fitar da App password, wata kalmar sirri mai harafi 16 da ake ba manhaja ita kaɗai. Da muka zuba ta, saƙo ya tashi. A Show original aka jera PASS uku, kowanne da sunan example.com.

A lura da wani abu da ke ruɗa mutane a wannan mataki. Idan ka shiga da asusu ɗaya amma ka ce wa manhaja ta rubuta wani adireshi daban a From, wanda ba a yi masa rajista a asusun ba, Gmail zai goge shi ya maye da na asusun da ka shiga da shi. Wasu masu ba da imel ma ƙin saƙon suke yi gaba ɗaya. Mafi muni shi ne ɗabi'ar sa adireshin @yahoo.com ko @gmail.com a From alhali daga sabarka kake aikawa. Ba ka da iko da DNS na waɗannan gidaje, don haka ba yadda za ka yi ka ci jarrabawar. Yahoo ya sa p=reject tun Afrilun 2014. Fom ɗin "tuntuɓe mu" da ke ɗaukar adireshin baƙo ya sa a From yana faɗawa wannan rami kullum. Adireshin baƙo a Reply-To ya kamata ya zauna.

Alhaji ya yi wata tambaya mai kyau. Ya ce yana da abokai masu irin wannan manhaja shekara da shekaru ba su taɓa jin waɗannan haruffa ba, me ya sa sai yanzu kowa ke kuka? Amsar tana da kwanan wata. A Oktoban 2023 Google da Yahoo suka sanar da sababbin sharuɗɗa da suka fara aiki a Fabrairun 2024. A wajen Gmail, kowane mai aikawa, komai ƙanƙantarsa, dole ya zo da SPF ko DKIM. Wanda ke aika kusan saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa asusun Gmail dole ya haɗa duka biyun da DMARC, sunaye kuma su dace. Microsoft ya biyo baya da irin wannan sharaɗi ga manyan masu aikawa zuwa Outlook.com a Mayun 2025. Abin da a da ake kawar da kai a kansa, yanzu ana kora.

Game da p=quarantine, mun sassauta shi na ɗan lokaci zuwa p=none, muka ƙara adireshin da za a riƙa turo rahoto:

```
v=DMARC1; p=none; rua=mailto:dmarc@example.com
```

Manyan masu karɓar imel sukan turo wa wannan adireshi lissafin yau da kullum na na'urorin da suka aika saƙo da sunanka da yadda kowacce ta ƙare. Rahoton ba shi da daɗin karatu, amma shi ya tona mana wani ɗan aike na uku da kowa ya manta da shi, fom ɗin neman farashi da ke shafin shagon, wanda har lokacin ta sabar haya yake aikawa. Allah kaɗai ya san cinikin da ya salwanta ta nan. Bayan an gyara shi, aka yi 'yan makonni rahoto na fitowa fes, sai muka mayar da p=quarantine. Ra'ayina shi ne mai karɓar kuɗi ta rasit bai kamata ya dawwama a p=none ba, domin ɗan damfarar da zai aika wa abokin cinikinka takarda da sunanka da lambar asusun bankinsa, wannan layi ne ke tare masa hanya.

Kada kuma a ɗauka PASS uku takardar izinin shiga Inbox ce. Shaida ce kawai ta ko kai wane ne. Idan ka ɗauki asusun rasit ka riƙa watsa tallan sabuwar shadda da shi ga duk wanda ya taɓa sayen yadi biyar, mutane za su danna Report spam, kuma Google ya ce kada ƙorafi ya kai 0.3 cikin ɗari, wato uku a cikin dubu. Mutumin Maraɗi ma sai da aka ce ya ciro tsohuwar takardar ya danna Not spam. Ranar ya turo cikon kuɗin.

Wata huɗu bayan nan wayata ta sake ƙara. Rasit ya tsaya cak tun jiya, in ji yaron, kuma wallahi bai taɓa DNS ba. Na tambaye shi ko wani ya sauya kalmar sirrin asusun rasit. Ya yi shiru, sannan ya ce wani ma'aikaci ya bar aiki, Alhaji ya sa an sauya ta duka asusun shago. Google yana soke duk App password na asusu da zarar an sauya babbar kalmar sirrinsa. Na ce ya fitar da sabuwa ya zuba, sannan ya duba jerin saƙonnin jiya da manhajar ta kasa aikawa, ya sake tura su ɗaya bayan ɗaya, domin wannan manhajar ba ta maimaitawa da kanta. Guda 37 ya ƙirga.